Kuɗin Da A Kan Yanke Daga Kwangila Ajiya Ne, In An San Hanyar Karɓarsa

Duk wanda ya taɓa zama a barandar sashen kuɗi na wata ma'aikata a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja ya san irin hirar da 'yan kwangila su kan yi yayin da su ke jiran labarin takardunsu. Mutum ya gama aiki, an duba an ce ya yi daidai, ya yi wata uku ko huɗu yana zirga-zirga, sa'an nan ran da kuɗi suka faɗa asusunsa na banki sai ya ga ba su cika ba. In ya koma ya tambaya, sai akanta ya nuna masa wani layi a jikin baucar biya mai haruffa uku, WHT, ya ce masa haraji ne aka cire. Da yawa daga nan su kan haɗiye yawu su tafi, su ɗauka kuɗin sun bi ruwa.

Alhali kuwa kuɗin nan ba su ɓace ba. Kafin alƙalami ne na harajin ribar da ɗan kwangila zai biya a ƙarshen shekara, an karɓa tun da wuri an ajiye da sunansa a wurin hukumar haraji. Ranar da ya zo biyan harajinsa, doka ta ba shi ikon ya ce a ɗebe abin da aka riga aka riƙe, ya cika saura kurum. Amma fa ajiyar nan ba ta bin mai ita gida. Sai wanda ya tabbatar an kai ta wurin da ya dace, da lambar da ta dace, ya kuma riƙe shaida a hannu, shi ne ya ke cin moriyarta. Wanda bai yi haka ba ya kan biya haraji sau biyu a kan aiki ɗaya, ya zama kazar nan da rashin sani ya sa ta kwana a kan dami.

Asalin abin

An shigo da wannan tsari cikin dokokin harajin Nijeriya a shekarar 1977. Da fari bai wuce kuɗin haya da ribar hannun jari da ladan daraktocin kamfani ba, daga baya aka faɗaɗa shi ya game kwangila da aikin ba da shawara da sauransu. Dalilin kuwa a fili ya ke. Ma'aikacin gwamnati ba ya iya kauce wa haraji, don tun daga albashi a ke cire masa. Ɗan kwangila kuwa ya kan karɓi kuɗinsa dunƙule ya tafi, wani ma ba a sake jin ɗuriyarsa sai wata kwangilar ta fito. Saboda haka Gwamnati ta mai da mai biyan kuɗi wakilinta: kafin ya miƙa wa ɗan kwangila hakkinsa, ya cire wani kaso ya aika wa hukumar haraji tare da sunan wanda aka cire wa. Ta haka Gwamnati ta kan sami kuɗi da wuri, ta kuma san wanda ya yi aiki da yawan abin da aka biya shi.

Ƙa'idojin da aka yi a 1997 su ne suka daɗe suna aiki. A ƙarƙashinsu a kan cire kashi 5 cikin ɗari daga kwangilar kawo kaya da ta gini, da kashi 10 daga aikin ba da shawara da na ƙwararru idan kamfani ne ya yi. Dokar Kuɗi ta 2019 ta rage na gina hanya da gada da gidaje da tashar lantarki zuwa kashi 2 da rabi. Daga nan sai a 2024 Ministan Kuɗi na lokacin, Wale Edun, ya sa hannu a kan sababbin ƙa'idoji waɗanda suka fito daga aikin kwamitin gyaran haraji da Taiwo Oyedele ya shugabanta, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025. Su ne suka sauko da kason, suka kuma fayyace hakkin wanda aka yanke wa kuɗi.

Ga yadda ƙa'idojin 2024 suka tsara wa kamfani ko mutumin da ke zaune a Nijeriya. Kwangilar kawo kaya, kashi 2 cikin ɗari. Gina hanya ko gada ko gida ko tashar lantarki, kashi 2. Sauran ayyukan gine-gine da ba su cikin waɗannan huɗu, kashi 5. Aikin ba da shawara da na ƙwararru da kamasho, kashi 5. Kuɗin haya kuwa yana nan a kashi 10. Wanda ba shi da lambar shaidar mai biyan haraji, watau TIN, a kan ninka masa kason aikinsa sau biyu.

Yadda a ke yankewa

Don abin ya fito sosai, a ɗauki misalin wani kamfani mai rajista da ke da ofis a Wuse, wanda shekarar lissafinsa ta ke ƙarewa ranar 31 ga Disamba, ya kuwa yi ayyuka uku a cikin 2025.

Aiki na fari, wata ma'aikatar Tarayya ta ba shi kwangilar kawo tebura da kujeru a kan Naira miliyan 40. Ya je kasuwar Kugbo ya saya daga masassaƙa, ya kai. A takardar neman biya ya rubuta Naira miliyan 40, ya ɗora harajin sayen kaya, watau VAT, kashi 7 da rabi, Naira miliyan 3, jimla Naira miliyan 43. To, a nan ne wurin kuskure na farko. Harajin riƙo a kan kuɗin aikin a ke lissafa shi, ba a kan jimlar da ta haɗa da harajin sayen kaya ba, don ba a ɗora haraji a kan haraji. Kashi 2 na miliyan 40 shi ne Naira 800,000. In akawu ya lissafa a kan miliyan 43 zai cire Naira 860,000, ya yi wa kamfanin ƙarin Naira 60,000. Wannan ya sa ya kamata ɗan kwangila ya raba kuɗin aiki da na harajin sayen kaya, kowanne da layinsa, a takardar neman biya.

Ma'aikatun Gwamnati su kan riƙe harajin sayen kayan shi ma su aika da kansu. Saboda haka daga Naira miliyan 43 ɗin nan, miliyan 3 za su tafi ta wannan hanya, Naira 800,000 su tafi harajin riƙo, abin da zai shiga asusun kamfanin shi ne Naira 39,200,000, in an ajiye maganar kuɗin hatimi da a kan cire a kwangilar Gwamnati. Ya kamata mai karatu ya bambanta waɗannan abubuwa uku, don sau da yawa a kan cuɗanya su. Harajin sayen kaya na mai saye ne, ɗan kwangila ɗan aike ne kawai a cikinsa. Kuɗin hatimi in ya tafi ya tafi ke nan. Naira 800,000 ɗin nan kaɗai ne ajiyar da za a ɗebe masa daga harajin ribarsa.

Da a ce kamfanin yana da masana'antarsa a Idu, shi da kansa ya ƙera teburan, da ba a cire masa kome ba, gama ƙa'idojin 2024 sun keɓe kayan da mai kawo su ne ya ƙera ko ya sarrafa. Haka kuma cinikin nan take, irin wanda mutum zai shiga kasuwar kayan gini ta Dei-Dei ya biya ya ɗauki siminti ba tare da wata yarjejeniya a tsakani ba, shi ma ba a yanke masa. Da kuwa kamfanin bai ba da lambar harajinsa ba, da kashi 4 za a cire, Naira 1,600,000, kuma da wuya a san asusun da za a zuba su.

Aiki na biyu, wata hukumar Tarayya ta ba shi ginin azuzuwa a yankin Kwali a kan Naira miliyan 150, ban da harajin sayen kaya. Irin wannan aiki ba a biyansa gaba ɗaya. An biya shi sau uku: miliyan 45, da miliyan 60, da miliyan 45. Ƙa'ida ita ce a yanke a lokacin da aka biya ko aka daidaita bashin ta wata hanya, don haka kowane biya yana da nasa yankan: Naira 900,000, da Naira 1,200,000, da Naira 900,000, jimla Naira miliyan 3. Ke nan shaida uku ya kamata kamfanin ya nema a kan aikin nan, kowacce da watanta.

Aiki na uku, wani kamfani mai zaman kansa ya ɗauke shi ya ba da shawara ya kuma sa ido a kan wani gini da a ke yi a Gwarinpa, a kan Naira miliyan 20. Wannan aikin ƙwararru ne, kashi 5, Naira miliyan 1.

In an tara, kamfanin ya yi cinikin Naira miliyan 210 a shekarar, an kuwa riƙe masa Naira 4,800,000.

Ina kuɗin su ke zuwa

Wannan tambaya ta fi muhimmanci a Abuja fiye da sauran wurare, don a nan hukumomin haraji biyu ne ke zaune gari ɗaya, ga kuma jihohi kewaye da birnin. Abin da ke raba gardama shi ne matsayin wanda aka biya, ba na mai biya ba.

Idan wanda aka biya kamfani ne mai cikakkiyar rajista, harajinsa na Tarayya ne. Da can Hukumar Tara Haraji ta Tarayya, FIRS, ke karɓa. Dokokin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, sun maye gurbinta da Hukumar Haraji ta Nijeriya, NRS. Mai biya yana da wa'adi zuwa ranar 21 ga watan da ke bin watan da ya yi biyan, ya aika da kuɗin tare da jadawalin da ke nuna sunan ɗan kwangila da adireshinsa da lambar harajinsa da irin aikin da yawan kuɗin da kason da aka cire.

Idan kuwa wanda aka biya mutum ne shi kaɗai, ko mai rajistar sunan kasuwanci kawai, ko abokan tarayya, to harajinsa na jihar da ya ke zaune ne, wa'adin kuwa ranar 30 ga wata mai bi. Mazaunin Birnin Tarayya nasa na zuwa ga Hukumar Haraji ta Birnin Tarayya, FCT-IRS, wadda aka kafa da dokar 2015, ta kuma karɓi aikin harajin ɗaiɗaikun mutane daga hannun hukumar Tarayya a 2018. Amma mutum nawa ne ke neman abinci a Garki da Wuse alhali a Mararaba ko Masaka su ke kwana, cikin Jihar Nasarawa, ko a Suleja da Madalla, cikin Jihar Neja? Irin wannan ɗan kwangila, harajinsa na jiharsa ne. In akawu ya ga aikin a Abuja aka yi ya tura kuɗin ga hukumar Birnin Tarayya, ko ya ga kalmar kamfani a kan takarda ya tura wa hukumar Tarayya, ranar da mutumin ya je Lafiya ko Minna neman takardar shaidar biyan haraji za a ce masa ba a ga kome da sunansa ba. Maido da kuɗin da suka tafi wata hukuma kuwa aiki ne na watanni. Maganin abin shi ne tun a takardar neman biya mutum ya rubuta matsayinsa, da lambarsa, da hukumar da harajinsa ya ke zuwa.

Ranar lissafi

A koma ga kamfanin nan na Wuse. Kamfani yana da wata shida bayan ƙarshen shekarar lissafinsa ya miƙa bayanin harajinsa, watau shi nasa wa'adin 30 ga Yuni ne. Akantansa ya zauna ya ɗebe kuɗin kaya da na leburori da albashi da hayar ofis da rangwamen da doka ta yarda a kan motoci da injuna, ribar da za a yi wa haraji ta tsaya a kan Naira miliyan 24. Kamfani mai ciniki irin wannan kashi 30 cikin ɗari ya ke biya, Naira 7,200,000. A ɗebe ajiyar Naira 4,800,000, saura Naira 2,400,000. Wannan shi ne abin da zai fitar daga aljihu na harajin riba, ban da sauran ƙananan haraji da ke da nasu lissafin.

A lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, a littafin kamfani cikakken cinikin a ke rubutawa, miliyan 210, ba abin da ya shigo banki ba. Kuɗin da aka riƙe ba a sa su cikin kuɗin da aka kashe, a kan rubuta su ne a matsayin bashin da kamfani ya ke bin hukumar haraji. Wanda ya sa su cikin kashe-kashe ya yi wa kansa hasara, don ta nan kashi 30 kurum na kuɗin zai rage masa haraji, alhali ta hanyar ajiya dukansu a ke ɗebe masa. Na biyu, ajiyar nan ita kanta mai tona asiri ce. Jami'in haraji da ya ga Naira 800,000 a kan kashi 2 ya san an yi cinikin miliyan 40. Wanda ya nemi a ɗebe masa ajiyar amma ya ɓoye cinikin, shi da kansa ya kawo shaidar da za a kama shi da ita.

Da can, neman ajiyar nan wahala ce babba. Sai mai biya ya kai kuɗi banki, hukumar haraji ta buga takardar shaida, takardar ta koma hannun mai biya, sa'an nan ɗan kwangila ya bi sawu ya karɓa ya kai ofishin harajinsa. Takardu da yawa a aljihun tebur suka tsufa. A watan Yuni na 2021 hukumar Tarayya ta buɗe shafin TaxPro Max, inda ajiyar ta kan bayyana a asusun kamfani da zarar mai biya ya aika da kuɗin da jadawalin da ke ɗauke da lambar da ta dace. Tun daga lokacin, a kan na'ura a ke ganin ajiya, a kan na'ura kuma a ke ɗebe ta daga harajin da aka lissafa. Sauƙi ya samu, sai dai na'ura ba ta san kowa ba sai lamba.

Inda abin ya kan lalace

A ce akantan kamfanin ya buɗe asusun a watan Mayu, yana tsammanin Naira 4,800,000, sai ya tarar da Naira 2,900,000 kawai. Naira 1,900,000 sun yi ɓatan dabo. In bai gano su ba kafin wa'adi, kamfanin zai biya Naira 4,300,000 maimakon Naira 2,400,000, ko kuwa ya makara tara ta hau kansa. Ga shi kuwa ba ya iya jinkiri, don Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta sa shaidar biyan haraji cikin sharuɗɗan neman kwangila, kuma a kan nemi ta shekara uku. Kamfanin da takardarsa ta tsaya, kwangilar baɗi ta wuce shi.

Hanyar gano ɓatan ita ce a jera biya-biya a gwada da abin da ya bayyana. Da aka yi haka sai aka ga na tebura ya shiga, biyu na farko na ginin azuzuwa sun shiga, amma Naira 900,000 na biya na uku babu, Naira miliyan 1 na aikin Gwarinpa su ma babu. Ciwon biyu ne, kowanne da maganinsa.

Na ginin azuzuwa, kuɗin sun tafi, sai dai da lambar da ba ta kamfanin ba. Irin wannan ya kan faru in akawu ya kuskure lamba ɗaya, ko ya ɗauki lambar shugaban kamfanin ta kansa a maimakon ta kamfani, ko kuwa in sunan da ke kan kwangila ya saɓa da wanda ke rajista. Alamarsa ita ce mai biya yana da shaidar ya aika, amma asusun ɗan kwangila wayam. Ma'aikatun Tarayya da yawa ta na'urar biyan kuɗi ta ofishin Akanta-Janar, GIFMIS, su ke biya, lambar da aka shigar wa ɗan kwangila a can kuwa ita za ta yi ta binsa a kowane biya har sai an gyara. Abin yi shi ne a rubuta wa sashen kuɗi na hukumar da ta biya, a haɗa da takardar ba da kwangila da baucar biya da shaidar banki, a nemi su gyara jadawalin su sanar da hukumar haraji, a kuma kai kwafin wasiƙar ofishin harajin da ke riƙe da fayil ɗin kamfanin.

Na Gwarinpa kuwa ya fi muni: an cire kuɗin amma ba a aika ba, mai biya ya juya su cikin harkokinsa. Shekara da shekaru wannan shi ne babban kukan 'yan kwangila, gama hukumar haraji ba ta ba da ajiya sai ta ga kuɗi a ƙasa, sai laifin wani ya faɗa a kan wani. Ƙa'idojin 2024 sun sake wannan. Sun wajabta wa mai yanke kuɗi ya ba da rasit na abin da ya yanke, sun kuma ce wanda aka yanke wa yana iya miƙa rasit ɗin ga hukumar haraji a matsayin shaida. In an ba da rasit amma kuɗin ba su iso ba, za a ba ɗan kwangila ajiyarsa, kuɗin kuwa su zama bashi a wuyan wanda ya riƙe, a karɓa daga gare shi da tara da kuɗin ruwa. Ashe ke nan rasit ɗin nan shi ne makamin ɗan kwangila. Wanda ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai nemi rasit ba, ranar lissafi ba shi da abin nunawa sai bakinsa.

Dokar gudanar da haraji ta 2025 ta ƙara tsananta wa masu biya. Wanda ya kamata ya yanke bai yanke ba, tararsa kashi 40 cikin ɗari na abin da ya ƙi yankewa. Wanda ya yanke ya riƙe kuwa zai biya kuɗin, da tarar kashi 10 a shekara, da kuɗin ruwa bisa ma'aunin Babban Bankin Nijeriya. Wannan ya shafi ɗan kwangila ta fuska biyu, don shi ma mai biya ne. Kamfanin nan na Wuse, in ya ba wani ƙaramin kamfani aikin rufi ko na wayar lantarki a ginin Kwali, wajibi ne ya yanke ya aika ya ba da rasit. Ƙananan kamfanoni ne kaɗai aka ɗauke wa wannan nauyi, su ma in cinikin bai wuce Naira miliyan 2 a cikin watan ba kuma wanda za a biya yana da lambar haraji.

In ajiya ta fi haraji

Akwai shekarar da riba ba ta zuwa yadda a ke so. A ce farashin siminti da rodi ya tashi bayan an sa hannu a kwangila, ribar kamfanin ta tsaya a Naira miliyan 10. Harajinsa Naira miliyan 3 ne, ajiyarsa kuwa Naira 4,800,000. Ba zai biya harajin riba ko kwabo ba, yana ma bin Gwamnati Naira 1,800,000. Hanya biyu gare shi. Ko ya bar rarar a asusunsa a ɗebe daga harajin shekara mai zuwa, ko ya rubuta ya nemi a maido masa. Dokar da ta kafa hukumar Tarayya a 2007 ta ce a biya cikin kwana 90 bayan an yanke shawarar maidowa, amma shawarar ba ta zuwa sai an binciki littattafan kamfani, bincike kuwa ya kan ɗauki lokaci, wani sa'in ma ya tono wani bashin. Don haka galibi su kan zaɓi su bar rarar ta yi gaba.

A nan ne za a gane dalilin rage kason da aka yi. Harajin riƙo a kan ciniki a ke cire shi, harajin kamfani kuwa a kan riba. In ana cire kashi 5 daga ciniki, ana kuma karɓar kashi 30 na riba, sai ribar mutum ta kai kusan kashi 17 cikin ɗari na cinikinsa kafin harajinsa ya cinye ajiyarsa. Mai kawo kaya da ke samun kashi 8 ko 10 kullum ajiyarsa tana fin harajinsa, jarinsa yana ta taruwa a hannun Gwamnati alhali shi yana cin bashin banki da ruwa. Da aka sauko zuwa kashi 2, ribar da ba ta kai kashi 7 ba ta isa. Ko a misalin nan, da tsohon kaso aka bi, da an cire miliyan 2 daga tebura, da Naira 3,750,000 daga gini, da miliyan 2 daga aikin shawara, jimla Naira 7,750,000, watau fiye da dukan harajin Naira 7,200,000 na shekarar da aka ci riba sosai.

Mai sunan kasuwanci shi ma hanyarsa ɗaya ce, sai dai ofishi da wa'adi ne suka bambanta. Ya kan miƙa bayanin abin da ya samu a bara kafin ƙarshen watan Maris ga hukumar harajin inda ya ke zaune, a lissafa masa haraji bisa matakan harajin ɗaiɗaikun mutane, sa'an nan ya gabatar da rasit-rasit ɗinsa a ɗebe. Wanda bai taɓa miƙa bayani ba, ajiyarsa tana nan kwance ba ta da amfani, gama ba a ɗebe ta sai daga harajin da aka lissafa.

Abin da ya kamata a riƙe

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin da ya jira sai watan Mayu kafin ya duba asusunsa ya bar wa kansa mako kaɗan ya gyara kuskuren da aka yi tun bara, wataƙila ma akawun da ya yi shi an sake masa wurin aiki. Tun da wa'adin aikawa 21 ga wata mai bi ne, duk kuɗin da aka biya a watan Maris ya kamata ajiyarsu ta bayyana wajen ƙarshen Afrilu. In Mayu ya kama ba a gani ba, lokacin rubuta wasiƙa ya yi, tun baucar tana kan tebur ba ta shiga ɗakin ajiya ba.

Kowace kwangila kuwa a buɗe mata fayil, a sa takardar ba da aiki, da takardar neman biya, da kwafin baucar da ke nuna abin da aka cire, da shaidar banki, da rasit na harajin. A riƙe su aƙalla shekara shida, don hukumar haraji tana da ikon komawa baya har tsawon wannan lokaci ta yi bincike. A misalin kamfanin Wuse, takardu biyar ɗin nan su ne bambancin da ke tsakanin biyan Naira 2,400,000 da biyan Naira 4,300,000 a kan aiki guda da riba guda.